Lallen gargajiya da baƙin lalle: wanne ne ke ƙona fata?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Bikin 'yata ya kusa, ita kuma ta dage sai an yi mata baƙin lalle a hannu da ƙafa. A bikin ɗiyar maƙwabciyata an yi wa 'yanmata da yawa, ɗaya daga cikinsu hannunta ya tashi ya yi bororo bayan kwana goma, sauran kuwa lafiya lau. Shin lallen ne ya ƙone ta ko jininta ne ba shi da kyau? Ni ma ina so in rufe furfurata, wanne ya kamata in yi amfani da shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sanya alheri, ya kai mu ranar lafiya. Jinin yarinyar nan ba shi da wata matsala, kuma ganyen lalle bai yi mata komai ba, domin abin da ake sayarwa da sunan baƙin lalle galibi ba shi da alaƙa da ganyen lalle sai ta suna. Ganyen lalle ba ya ba da baƙi, kuma ba ya kamawa sosai cikin minti ashirin. Duk abin da aka zana a hannu ya fito baƙi wuluk kafin a gama hira, to akwai wani sinadari a cikinsa, kuma mafi yawan lokuta sinadarin rinin gashi ne.

Lallen da iyayenmu suka sani ganyen wani ɗan itace ne da ake shanyawa a daka a tankaɗe, wanda a jikin kwali ake rubuta sunansa Lawsonia inermis. A cikin ganyen akwai launi guda ɗaya tak, mai ja da ruwan lemo, kuma aikinsa shi ne ya ratsa matacciyar fatar da ke sama ya manne da sinadarin keratin, wanda shi ne ginshiƙin fata da farce da gashi. Wannan ratsawar a hankali take faruwa, shi ya sa a da ake ƙunshe ƙafa da ganye da tsumma, a zura hannu cikin zunguru, a kwana da shi. Idan aka ɓare ƙunshin da safe, launin yakan fito ruwan lemo mai haske, har wadda ba ta sani ba ta ɗauka bai kama ba, sai iska ta yi ta dafa shi cikin kwana ɗaya zuwa biyu ya koma ja mai duhu kamar goron da aka tauna. Tafin hannu da tafin ƙafa sun fi kamawa saboda fatarsu ta fi kauri, bayan hannu da damtse kuwa launinsu yakan tsaya da haske, musamman ga mai duhun fata. Wannan raunin ne ya buɗe wa baƙin lalle kasuwa: ana son zanen fulawa ya fito raɗau a bayan hannu har zuwa gwiwar hannu, kuma ana son a gama da wuri saboda layin masu jira.

Abin da masu ƙunshi da yawa suke kwaɓawa, wanda ake kira dayis, garin rinin gashi ne ko wani baƙin dutse da ake dakawa, a zuba masa ruwan haidurojin, a ɗura a leda a zana. Sinadarin da ke aikin a ciki ana taƙaita sunansa da PPD, a jikin kwali kuma za ki ga an rubuta p-Phenylenediamine. An yi shi ne don rina gashi, da sharaɗin kada ya yi yawa kuma kada ya daɗe a kan fata. A dokar Tarayyar Turai, bai kamata ya wuce kashi 2 cikin ɗari ba a rinin gashi bayan an haɗa shi, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka kuwa ba ta yarda a sa shi a cikin abin da za a shafa wa fata kai tsaye ba. Amma binciken da aka yi a kan samfuran baƙin lalle ya sami wanda ke ɗauke da sama da kashi 15 cikin ɗari, wani binciken da aka yi a shagunan kwalliya na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ma ya sami wanda ya kusa kashi 30. Mai kwaɓawa a gida kuwa ba ta da ma'auni, da ido take zubawa, kuma ta san cewa idan ta ƙara gari zanen zai fi baƙi, kwastoma ta fi yabawa. Yawan matsalar da wannan sinadari ya jawo ne ya sa ƙungiyar likitocin Amurka masu nazarin cututtukan fata da taɓa abu ke haddasawa ta ayyana shi a matsayin abin da ya fi jan hankali wajen tayar da alaji a shekarar 2006.

Abin da mutane ke haɗawa su kira ƙuna iri biyu ne, kuma bambanta su yana da amfani. Na farko ƙuna ce ta gaske, wadda ke zuwa nan take: ana cikin zanen sai a ji zafi da raɗaɗi, wurin ya yi ja, wani lokaci ya saɓule. Wannan yakan faru idan haidurojin ya yi ƙarfi, ko kuma an zuba fetur ko kananzir ko tina a cikin kwaɓin don ya kama da sauri, kuma kowa zai iya samunsa. Idan mai lalle ta ce miki ki daure, zafin alama ce ta zai kama da kyau, to ki tashi ki wanke hannunki, domin lalle na gaskiya sanyi ake ji idan an sa shi.

Na biyun shi ne ya sami yarinyar da kika ba da labari, kuma shi ya fi muni ko da yake ba ya zafi a ranar. PPD ƙanƙane ne ƙwarai, yana wuce matacciyar fata ya shiga mai rai, a can sai garkuwar jiki ta ɗauke shi a matsayin abokin gaba. A karon farko garkuwar tana buƙatar lokaci kafin ta gane shi ta shirya masa, shi ya sa ƙurajen ba sa fitowa sai bayan kwana 4 zuwa 14, lokacin da an gama biki, baƙi sun watse, zanen ma ya fara kwarjewa. Sai a fara jin ƙaiƙayi mai tsanani, fatar ta kumbura ta yi tudu, ƙananan bororo masu ruwa su fito. Babbar shaidar da likita ke dubawa ita ce kumburin yana bin zanen sak: inda aka yi fure, fure ne zai tashi, inda aka ja layi, layi ne zai tashi, fatar da ke tsakani kuma lafiyarta ƙalau. Babu wata cutar fata da ke zana fulawa da kanta.

Dalilin da ya sa ita kaɗai ta kamu, sauran suka tsira, shi ne ba kowace garkuwar jiki ce ke ɗaukar abin da zafi a lokaci guda ba. Wata a karon farko take kamuwa, wata sai an yi mata sau biyar ko sau goma. Yawan sinadarin, da daɗewarsa a kan fata, da faɗin wurin da aka zana, da yawan maimaitawa, duk suna ƙara yiwuwar kamuwa. Saboda haka maganar da ake yawan yi, cewa ni kullum ana yi mini ban taɓa samun matsala ba, ba ta ba da tabbacin komai game da na gaba. 'Yanmatan da suka tsira a wancan biki, wataƙila akwai wadda garkuwarta ta riga ta yi rajistar abin a ɓoye, sai a Sallah mai zuwa ya bayyana.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne, da zarar jiki ya kamu da wannan alajin, ba ya mantawa har ƙarshen rayuwa. Bari in kwatanta miki yadda lamarin kan kasance. A ce budurwa ce mai shekara 19, aka yi mata baƙin lalle ana jibi Sallah, daga yatsu zuwa gwiwar hannu. Ranar Sallah zanen ya yi kyau, kowa ya yaba. Bayan mako guda da 'yan kwanaki ta fara susa da daddare, washegari zanen ya tashi ya yi ja, ruwa na tsatsafowa. A gida aka shafa mata man goge baki, wata ta ce a sa toka, ita kuma ta farfasa bororon da allura, sai ƙwayoyin cuta suka shiga, wurin ya yi mugunya da ɓawo mai ruwan zuma. Da aka je asibiti aka ba ta man shafawa mai sitiroid da maganin kashe ƙwayoyin cuta, cikin mako biyu zuwa uku ciwon ya warke, amma ya bar mata hoton zanen a fata, wani wurin ya yi baƙi fiye da jikinta, wani wurin ya yi fari. Irin wannan tabon yakan ɗauki watanni kafin ya dushe, wani ya haura shekara, ga wadda jikinta ke yin tabo mai tudu kuwa yana iya zama na dindindin. Shekara biyu bayan haka, ta manta da zancen, ta je shagon gyaran gashi aka rina mata kai da baƙin rini. A wannan karon garkuwar ba ta jira mako guda ba: cikin kwana ɗaya zuwa biyu fatar kanta ta ɗauki ruwa, kunnuwa da goshi suka kumbura, fatar ido ta cika har ba ta iya buɗewa, sai da aka kwantar da ita. Zanen kwana goma ya hana ta rinin gashi mai PPD har abada. Wasu masu wannan alajin ma sukan sami matsala da abubuwan da ƙirarsu ta yi kama da PPD, kamar rinin wasu baƙaƙen tufafi, da baƙar roba, da maganin kashe zafi na shafawa mai suna benzocaine, da wasu magungunan dangin salfa, don haka wajibi ne mai wannan tarihin ta riƙa gaya wa likita da mai gyaran gashi.

Akwai kuma haɗarin ajiye garin ko dutsen a gida. A Sudan, inda ake yawan haɗa shi da lalle, likitoci sun daɗe suna karɓar mutanen da suka haɗiye shi, har da yara ƙanana. Yana kumbura harshe da maƙogwaro cikin 'yan sa'o'i har numfashi ya toshe, ya narkar da tsoka, fitsari ya koma ruwan ƙasa mai duhu, ƙoda ta daina aiki, kuma babu wani magani na musamman da ke karya dafinsa. A gidan biki, inda yara ke yawo kuma kwanon kwaɓi na ajiye a ƙasa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Gane na gaskiya daga na haɗi ba shi da wuya idan aka sa ido. Garin lalle kore ne ko kore mai ɗan ruwan ƙasa, yana ƙamshin busasshen ganye, idan aka kwaɓa kuma ya zama kamar dakakkiyar kuka mai duhu. Kwaɓin da yake baƙi ƙirin, ko yake warin shagon gyaran gashi ko na fetur, ko aka haɗa shi da wani farin ruwa daga kwalba, ba lalle ba ne. Tambaya ɗaya tana isa ta warware miki zancen: ki tambayi mai lallen minti nawa zai yi kafin a wanke, kuma wane launi zai fito da farko. Idan ta ce rabin awa kuma baƙi, kin sami amsarki. Haka nan ledojin kanti da ke ba da ja jawur cikin minti goma, waɗanda ke shekara a kan kanta ba su lalace ba, su ma rini ne aka zuba musu, domin kwaɓaɓɓen lalle na gaskiya yana mutuwa cikin 'yan kwanaki idan ba a daskarar da shi ba. Kada hoton ganye a jikin kwali ya ruɗe ki. Ki juya bayansa ki karanta abin da aka lissafa, idan kuwa ba a lissafa komai ba, ki ajiye shi.

Za a ce miki a gwada kaɗan a bayan kunne ko a cikin damtse tukuna. Wannan gwajin na awa 48 an tsara shi ne don rinin gashi, kuma abin da yake iya nunawa kawai shi ne ko mutum ya riga ya kamu. Ba ya hana kamuwa, hasali ma ɗigon kwaɓi mai ƙarfi da aka bari a fata yana iya zama shi ne sanadin kamuwar, sannan wadda za ta nuna alama bayan kwana goma ba za ta nuna komai a kwana biyu ba. Ban ɗauke shi kariya ga amarya ba.

Ga amaryarki, shawarata ita ce a yi mata jan lalle na gaskiya, a kuma ba shi haƙƙinsa, domin yawancin masu cewa ba ya fitowa gaggawa suke yi masa. A nemi sabon gari, wanda bai sha rana a kasuwa ba, a tankaɗe shi sau biyu da ƙyalle mai laushi don kada ya toshe bakin leda. A giram 100 na gari a zuba ruwa mai ɗumi da ɗan ruwan lemon tsami kaɗan-kaɗan, kimanin kofi guda, ana juyawa har ya yi kaurin kindirmo, a sa sukari cokali biyu don ya manne wa fata kada ya farfashe da wuri. A rufe shi da leda a ajiye a inuwa na awa 6 zuwa 12. A lokacin bazara yakan nuna da wuri, da hunturu kuwa yakan so kwana. Ana gane ya nuna idan samansa ya yi duhu, kuma ɗigon da aka sa a tafin hannu na minti biyar ya bar tabo mai ruwan lemo. A wanke hannu da sabulu kada a shafa mai kafin zane. Bayan an zana a bar shi aƙalla awa 4 zuwa 6, in da hali a naɗe a kwana da shi, sannan a kankare shi ba tare da ruwa ba, a shafa man kaɗanya ko man zaitun, a kuma kauce wa wanke-wanke a yinin farko gwargwadon iko. Abu mafi muhimmanci shi ne lissafin rana: a yi ƙunshin kwana biyu kafin ranar da ake son a gan shi, domin a lokacin ne launin ke kai ƙarshen duhunsa. Ina faɗa miki gaskiya, a bayan hannun mai duhun fata ba zai yi fitowar dayis ba, don haka ya fi kyau a ƙarfafa adon a tafin hannu da yatsu da ƙafa, inda yake yin duhu sosai, kamar yadda ake yi da lallen salatif.

Lalle na gaskiya ma yana da iyakarsa. Kada a sa wa jarirai da ƙananan yara, musamman wanda aka san yana da ƙarancin sinadarin G6PD a jini ko wanda ya yi shawara mai tsanani bayan haihuwa. Wannan yanayin gado ne, yana da yawa a yankinmu musamman a tsakanin maza, kuma launin da ke cikin lalle yana iya farfasa jajayen ƙwayoyin jininsu idan aka shafa a wuri mai faɗi. Alamarsa ita ce yaro ya yi fari fat, idanu su yi rawaya, fitsari ya yi duhu, kuma wannan na asibiti ne nan take.

Batun furfurarki kuwa, Hajiya, lalle kaɗai zai mai da farin gashi ja mai ruwan lemo, irin wanda ake gani a gemun dattawa, baƙin gashi kuma ya ba shi ɗan ja da ake gani a rana kawai. Idan baƙi kike so ba tare da PPD ba, hanyar ita ce a bi lalle da garin ganyen baba, dangin wanda marina ke amfani da shi a Ƙofar Mata a Kano, wanda a kwali ake rubuta Indigofera tinctoria. Ki nemi garin ganyen da aka shirya don gashi, kore ne shi ma, ban da haɗin marina mai toka da kanwa. Da farko ki shafa lallen da ya nuna a gashi mai tsabta, ki rufe da leda na awa 2 zuwa 4, ki wanke da ruwa zalla. A ranar ko washegari ki kwaɓa baba da ruwan ɗumi, ba tare da lemon tsami ba, ki shafa shi nan da nan domin ƙarfinsa yana tafiya cikin ƙanƙanen lokaci, ki bar shi awa 1 zuwa 2. Jan lalle da shuɗin baba ne ke haɗuwa su ba da baƙi. Idan aka sa baba kaɗai a kan furfura, sai ta yi shuɗi-shuɗi ko kore. Giram 100 na kowanne yakan ishi gajeren gashi. Lalle yana sa gashi irin namu ya ɗan yi tauri, don haka ki bi shi da mai, kuma ki sani ba ya fita sai dai gashin ya tsiro a yanke. Idan kina shafa man miƙar da gashi, ki bar tazarar mako biyu tsakaninsu, ki kuma fara gwadawa a kan gashin da kika tsinta a jikin mataji, saboda wasu garin lallen kanti ana haɗa su da gishirin ƙarfe wanda ke karya gashin da ya sha sinadari. Ki lura kuma, kwalayen da aka rubuta musu baƙin lalle na gashi, masu rinawa a shafa ɗaya cikin rabin awa, yawancinsu PPD ne a ciki.

Idan an riga an yi baƙin lallen kuma aka fara jin zafi ko ƙaiƙayi, a wanke da ruwa mai yawa da sabulu mara ƙarfi, a cire zobe da awarwaro kafin yatsu su kumbura, a ɗora tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sanyi. Kada a goge da lemon tsami ko bilic ko dutsen goge ƙafa don a fitar da zanen, kada a fasa bororo, kada a shafa man goge baki ko toka. A je wurin likita da wuri, a tafi da kwalin ko ragowar kwaɓin idan akwai, domin man sitiroid da aka fara a kan lokaci yana rage kumburin, ya kuma rage tabon da zai biyo baya. Ƙwayar maganin ƙaiƙayi tana taimaka wa barci ne kawai, ba ta kashe ciwon. Mugunya, ko zazzaɓi, ko ja mai bazuwa zuwa sama alamar ƙwayoyin cuta ne. Kumburin fuska ko leɓe ko harshe, ko wahalar numfashi, ba a jira gari ya waye. Bayan an warke, a kare wurin daga rana, kuma kada a bi baƙin tabon da man bilicin, domin yana sirantar da fatar ya bar ta dabbare-dabbare. Yarinyar maƙwabciyarki kuwa, a gaya wa iyayenta cewa daga yanzu babu ita babu baƙin lalle, babu rinin gashi ko na gira mai PPD, kuma idan akwai asibitin koyarwa kusa da ku, sashen fata zai iya yi mata gwajin manna sinadari a baya don a tabbatar da abin da jikinta ba ya so.